In An Ce Maka An Sake Asusu, Buga Waya Tukuna

Ran wata Asabar a farkon shekarar 2025, ina zaune a ofis ina gyaran labaran da za su shiga jarida, sai ga wayar kawuna daga kasuwa. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, in ka tashi daga aiki ka biyo ta rumfa. Akwai takardar da nake so ka rubuta mini, kai ne mai alƙalami a gidan nan." Na ce, "To, Kawu, wace irin takarda ce?" Ya ce, "Ta sanarwa ce. Na buɗe sabon asusu a banki, ina so abokan cinikina su sani. Amma ka rubuta ta yadda duk wanda ya karanta ba zai yarda da ita ba sai ya ji muryata."

Na yi shekaru ina rubuta sanarwa iri iri, ta ɗaurin aure da ta rasuwa da ta cigiya, amma ban taɓa jin wanda ya nemi a rubuta masa takarda don a yi shakkarta ba sai ran nan. Ko kusa ban yi dariya ba kuwa, domin na san abin da ya kawo wannan magana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Labarin saran da kuma labarin takardar su ne nake so in ba mai karatu a wannan mako, musamman 'yan kasuwarmu na Yerwa da waɗanda ke ciniki da su daga nesa.

Kawuna dillalin wake ne. Yana tara shi daga kudancin Borno, wajen Biu da kewaye, ya auna, ya ɗinke buhuna, ya ɗora a mota zuwa Kano da wasu garuruwan. Tsakanin Maiduguri da Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Damaturu da Potiskum, saboda haka yawancin masu sayen kayansa sai su shekara bai sa su a ido ba. A da yaro ake aikowa da kuɗi a ƙugu, ko kuwa direba ya dawo da su a ƙunshe. Amma tun da aka yi ƙarancin takardun Naira a farkon shekarar 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin kuɗi, kowa ya koma ga taransifa, har dattawan da a da suka rantse ba za su taɓa yin ciniki da waya ba. A cikin wannan hali ne kuma gobara ta cinye Kasuwar Monday a ranar 26 ga Fabrairu, 2023, mutane suka rasa rumfuna da littattafan lissafi da rasidai. Ciniki ya koma cikin wayar hannu ɗungurungum, ita ce littafi, ita ce ɗan aike, ita ce kuma aljihu.

To, a kakar wannan shekara ta 2023 abin ya faru. Wani Alhaji a Kano, wanda suka yi shekara goma sha biyu suna hulɗa da Kawu ba a taɓa jin kansu ba, ya sayi buhu sittin na wake, kowane buhu a kan Naira 75,000. Jimla ke nan Naira 4,500,000. Al'adarsu ita ce a biya rabi kafin a yi lodi, rabi kuma in kaya sun sauka an ƙirga. Rabin farko ya shiga asusun Kawu lafiya lau, mota ta tashi ran Alhamis. Saura ciko, Naira 2,250,000.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, tun ran Laraba an riga an shiga gidan. Kawu ba ya rubutu a waya. Akwai yaronsa na rumfa, amintacce, shi ke riƙe da WhatsApp na ciniki, shi ke aika hoton takardar lodi da lambar mota. Ran Laraba da yamma wani ya bugo wa yaron nan waya, da ladabi da lafazi mai daɗi, ya ce wai daga kwamitin tallafa wa waɗanda gobara ta shafa yake, ana sake tantance sunaye, za a turo masa lamba shida ta saƙon waya, ya karanto don a tabbatar shi ne. Yaro ya karanto. Lambobi shidan nan kuwa su ne mabuɗin WhatsApp ɗinsa. Nan take asusun ya tashi daga wayarsa ya koma ta ɓarawo. Shi kuwa yaro ya ɗauka wayar ce ta sami matsala, ya ce a ransa bari sai Asabar ya kai wa mai gyara. Tsoron faɗa kuma ya hana shi gaya wa maigidansa.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu a nan. Wanda ya ƙwace WhatsApp ta wannan hanya ba ya ganin tsofaffin hirarraki, domin waɗannan suna cikin wayar mai ita. Abin da yake gani shi ne zaurukan da mutum yake ciki, da kuma duk saƙon da ya shigo daga wannan lokaci. Watau ɓarawon nan bai san komai game da buhu sittin ba. Zama ya yi kurum yana jira, kamar mai kamun kifi. Ran Juma'a da safe sai ga saƙo daga Kano: kaya sun iso, an ƙirga sun cika, za a turo ciko bayan masallaci. Da bakinsa mai saye ya gaya wa ɓarawo cewa akwai kuɗi a hanya.

Amsar da aka mayar masa na gan ta da idona daga baya. An yi sallama, an yi godiya, an yi addu'ar Allah Ya ƙara buɗi. Sa'an nan aka ce asusun Alhaji ya sami 'yar matsala, banki sun riƙe shi sai Litinin, ga shi kuwa ana bukatar kuɗin yau don a sallami manoma, saboda haka a tura ta wannan lamba. Da Alhajin Kano ya buga lambar, sai sunan wani mutum dabam ya fito. Ya tambaya, aka ce ai asusun ƙanen Alhaji ne. Bai ga abin mamaki ba, domin a wannan shekara wa bai karɓi kuɗi ta asusun ƙane, ko na yaro, ko na mai POS na bakin layi ba? Ya tura Naira 2,250,000, ya aika hoton rasit, aka amsa masa da "Mun gani, Allah Ya saka da alheri."

Kawu kuwa yana nan yana jira. Kunya irin tamu ta hana shi tambaya. Yaya za ka matsa wa mutumin da kuka shekara goma sha biyu tare a kan jinkirin kwana biyu? Sai ran Litinin da hantsi ya daure ya buga. Ina wurin, na je gaishe shi. Na ga fuskarsa ta sauya, na ji ya ce, "Wane ƙanen nawa, Alhaji? Ƙanena ɗaya ne, yana kuwa Gaidam, ko asusu ba shi da shi." Daga nan sai salati ta kowane ɓangare.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, ɓarawon nan bai mallaki layin wayar yaron ba. Sim yana nan cikin wayar yaro, a aljihunsa. Da Alhajin Kano ya buga kira irin na yau da kullum, ba ta cikin WhatsApp ba, da wayar ta yi ƙara a rumfar Kawu, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya. Kiran da bai kai na Naira hamsin ba shi ne ya raba shi da fiye da Naira miliyan biyu. Amma da ta cikin WhatsApp ya kira, ɓarawon ne zai ɗauka, ko ya ƙi ɗauka ya rubuto cewa yana cikin masallaci. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma shi ne gaba ɗayan maganar.

Ran nan Alhajin Kano ya garzaya bankinsa. Suka nemi lambar shaidar taransifa, wadda ake gani a rasit da sunan Session ID, mai lambobi talatin, suka aika wa bankin da kuɗin ya shiga don a ɗaure asusun. Aka kuma kai ƙara wurin 'yan sanda. Amma kwana uku sun wuce. Tsarin tura kuɗi nan take da bankunanmu ke aiki da shi tun 2011 alheri ne ga ɗan kasuwa, sai dai yadda yake kai kuɗi cikin daƙiƙa, haka yake fitar da su cikin daƙiƙa. An gaya mana kafin la'asar ta ranar Juma'ar an riga an rarraba kuɗin zuwa wasu asusai, an cire wasu a hannun masu POS. Abin da aka tarar Naira 180,000 ne kacal, su ma sai da aka yi watanni, aka kawo takardar kotu, kafin su dawo.

Saura Naira 2,070,000, wa zai ɗauka? Mai saye ya ce shi ya biya, ta lambar da ya saba ciniki da ita aka ba shi umarni. Kawu ya ce shi ko kwabo bai gani ba, wakensa kuwa ya tafi. Kowa da gaskiyarsa. Dattawan kasuwa suka zauna, daga nan da can, suka yi sulhu. Suka ce wanda ya ga baƙon suna ya tura kuɗi bai tambayi mai kaya ba, nasa sakacin ya fi yawa, ya ɗauki kashi biyu cikin uku, watau Naira 1,380,000. Kawu kuma, tun da ta ƙofar gidansa aka shiga, yaronsa kuma ya yi shiru kwana biyar, ya yafe kashi ɗaya, Naira 690,000. Aka yi fatiha aka tashi. Kuɗi an raba asararsu, amma sai da aka yi kusan shekara kafin Alhajin Kano ya sake sayen ko buhu ɗaya a hannun Kawu. Wannan rashin ya fi na kuɗin ciwo.

Kada wani ya ce ai rashin boko ne ya jawo. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani da suna iri ɗaya da na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kaya. Ya riƙa aika musu takardun neman biya da lambar asusunsa, suka tura masa fiye da Dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu, kotun Amirka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Mu ma nan gida muna da namu abin kunyar, Obinwanne Okeke, wanda aka ɗaure shekara goma a Amirka a 2021, bayan an shiga akwatin wasiƙun wani babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac a 2018 an kwashe kusan Dala miliyan 11. Kamfanonin nan suna da akawuna da lauyoyi da na'urori. Abin da ya ci su shi ne ya ci Alhajin Kano: umarnin biya ya zo ta hanyar da aka saba, da sunan da aka saba, ba wanda ya ɗaga waya ya tambaya.

To, ga inda wuyar take. Mutane suna sake asusu da gaske, ba kullum ne ƙarya ba. Sa'ad da Babban Banki ya soke lasin Heritage Bank a ranar 3 ga Yuni, 2024, duk ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta can dole ya ba abokan cinikinsa wata lamba. Wani ya rasu magada sun karɓi ciniki, wani sun raba jari da abokinsa, wani kuma ya gaji da bankinsa ne kawai. Shi Kawu, bayan abin da ya same shi, ya yi wa cinikinsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya buɗe asusu da sunan cinikin, don a daina cuɗa kuɗin wake da kuɗin cefane. Yanzu dole ya sanar. Amma da na zauna zan rubuta, sai na ga abin da ya tsayar da ni. Duk jimlar da mai gaskiya zai rubuta, ɓarawo ma zai iya rubuta ta, harafi da harafi. Hatimi ana kwaikwayonsa, sa hannu ana ɗaukar hotonsa, kan takarda mai sunan kamfani kuwa ko yaron da ke shagon buga takardu zai yi shi cikin minti goma. Takarda ba ta iya ba da shaidar kanta.

A ɗakin labarai an koya mana tun muna makaranta cewa labari ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. In wani ya kawo maka takarda, ba za ka tambaye shi ko takardar gaskiya ce ba, wani za ka nema dabam wanda bai zo tare da ita ba. Da wannan na kama bakin zaren. Na ce wa Kawu, "Ku yarda mu rubuta sanarwar babu lambar asusu a cikinta ko ɗaya." Ya dube ni ya ce, "Sanarwar sabon asusu babu asusu? To mene ne amfaninta?" Na ce, "Amfaninta ta sa su kira ku. In lambar tana ciki, rabinsu ba za su kira ba. In kuma wani ya tare takardar a hanya, lambar kawai zai canja ya bar sauran." Ya yi shiru, can ya ce, "Rubuta." Ga abin da muka rubuta, sai dai na cire sunaye:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa daga ranar ɗaya ga wata mai zuwa zan fara karɓar kuɗin kaya ta sabon asusu mai sunan cinikina. Ban sa lambar a wannan takarda ba, kuma ba zan aiko ta ta WhatsApp ko ta saƙon waya ko ta bakin yaro ba. Ina roƙonku ku kira ni da kanku, kira na sosai, a tsohuwar lambata da kuke da ita tun da, in faɗa muku da bakina. Duk wanda ya ba ku wata lambar waya ko ta asusu da sunana, ko da ɗana ne, kada ku tura ko kwabo. Tsohon asusuna yana nan a buɗe har wata uku, saboda haka babu gaggawa. Wanda ya kira ni don ya tabbatar bai ɓata mini rai ba, ya taimake ni ne."

Kowace jimla a ciki da dalilinta. Ba mu sa lambar waya ba, domin lambar da ta zo tare da sanarwa ba shaida ba ce. Ɓarawo yakan rubuta "a kira wannan lamba don tabbatarwa", ka kira, ya tabbatar maka da ƙaryarsa cikin murya mai daɗi. Lambar da za a dogara da ita ita ce wadda take hannunka tun kafin maganar canji ta taso, a tsohon rasit, ko a jikin allon rumfa, ko a littafinka. Haka kuma mai saye ne zai buga kiran, ba shi za a bugo wa ba, domin wanda ya bugo maka shi ya zaɓi lokaci da abin da za a faɗa. Barin tsohon asusu a buɗe kuwa shi ne ya kashe gaggawa. Mai damfara ba ya da abokin aiki kamar "yau yau". In ka ji an ce tsohon asusu ya mutu yanzu, sabon kuma dole a biya cikinsa kafin la'asar, balle a ce ran Juma'a ne ko jajibirin Salla, lokacin da ofisoshin banki za su rufe, to ka ƙara riƙe aljihunka.

Jimlar ƙarshe ita ce Kawu ya fi so, ni ma haka. A wurinmu tambaya takan yi kama da zargi. Ƙaramin ɗan kasuwa yana jin nauyin ya kira babban Alhaji ya ce, "Da gaske ku kuka aiko?" Sai mai kaya ya fara ɗauke masa wannan nauyi, ya nuna cewa shi ne ya roƙa.

Mun buga takardar guda talatin da ɗaya, daidai yawan masu sayen kayansa na nesa. Muka bi hanya biyu: kowane direba da ya ɗauki lodi aka haɗa masa da takardar a cikin ambulan tare da takardar kaya, aka kuma aika hotonta ta waya. Sa'an nan muka tsara yadda kiran kansa zai kasance, domin kira ma yana da inda yake yoyo. In mai saye ya karanto lamba ya ce "haka ne?", dattijo a tsakiyar hayaniyar kasuwa zai ce "haka ne" bai ji rabinta ba. Saboda haka Kawu ne ke faɗin sunan banki da lambobin nan goma, biyu biyu, mai saye ya rubuta. Sai mai saye ya buga su a wayarsa, ya karanto sunan da ya fito. Ta ƙarshe cikin lambobi goman nan an sa ta ne don ta kama kuskuren bugawa, takan kuwa kama shi sau da yawa, amma ba ta san mai gaskiya da ɓarawo ba. Suna ma ba hujja ba ce cikakkiya, labarin mutumin Lithuania ya isa misali, ga shi kuma masu suna ɗaya sun yi yawa a ƙasar nan. Amma in sunan ya saɓa, magana ta ƙare, babu batun ƙane ko yaro.

Mataki na ƙarshe shi ne na gwaji. Mai saye ya tura ɗan kuɗi kaɗan wanda shi kaɗai ya san adadinsa, misali Naira 1,350, kada ya faɗa. Kawu ya duba alat ya faɗi abin da ya gani. In ya yi daidai, an tabbatar cewa mai muryar nan shi ke riƙe da asusun nan. Mutane da yawa suna tura Naira dubu ta gwaji, su ga ta shiga, su ce shi ke nan. Shigar kuɗi ba ta nuna komai sai cewa asusun yana da rai, asusun ɓarawo kuwa ya fi na kowa rai. Bayan gwajin sai mai saye ya ajiye asusun cikin jerin waɗanda yake tura wa kuɗi, daga ranar kuma ba ya sake kwafo lamba daga wani saƙo.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin bai tafi sumul ba. Cikin mutum talatin da ɗaya, goma sha tara ne suka kira da kansu a makon farko. Takwas sai da aka aika musu direba ya tuna musu. Huɗu ba su kira ba sam, suka ci gaba da biya ta tsohon asusu, wanda dama don irinsu aka bar shi. Wani dattijo ma ya yi fushi, ya ce shekara ashirin yana ciniki ba a taɓa sa shi jarrabawa ba. Wanda ya fara kira kuwa, tun kafin azahar ta ranar da takarda ta isa, Alhajin Kano ne. Kawu ya faɗi lamba, ya rubuta, ya tura kuɗin gwaji. Da Kawu ya ce "Naira ɗari bakwai da saba'in na gani", sai na jiyo dariyarsa daga cikin wayar, ya ce, "Alhaji, da mun yi haka tun wancan karon!"

Dole kuma in faɗi iyakar wannan dabara, don kada a ɗauke ta laya. Kiran waya yana tsare ka ne muddin layin yana hannun mai shi. Akwai masu zuwa su karɓi sabon sim da sunan wani, akwai kuma satar wayar ɗungum. Alamar ita ce layin mutum ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, wanda ya ga haka kada ya kwana bai je ofishin kamfanin layin ba. Shi kuwa mai saye, in kuɗin masu nauyi ne, in kuma muryar ba ta kwanta masa ba, ko aka ce Alhaji ba ya kusa sai dai a yi magana da wakili, to ya nemi shaida ta biyu: maƙwabcin rumfa, ko direban da ya saba, ko ya tambayi abin da su biyu kaɗai suka sani, kamar buhu nawa aka yi ragi a lodin bara. Masu riƙe wa iyayen gidansu waya kuma su sani, lamba shida da ta shigo waya ba a karanta wa kowa ita, ko wane ne. A cikin WhatsApp akwai wurin da aka rubuta Two-step verification, inda mutum zai sa lambar sirri tasa, minti biyu ya isa. Wanda kuma aka riga aka ƙwace nasa, ya sake shiga da lambar wayarsa nan da nan, domin da zarar ya sa sabuwar lambar da aka turo masa, an fitar da ɓarawon. Sa'an nan ya bi abokan ciniki ɗaya ɗaya da kira. Da yaron Kawu ya yi haka ran Laraba da dare, da ba a yi wannan labari ba.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, kuɗi sun fita, to sa'o'in farko su ne komai. A kira banki nan take, kada a jira Litinin, a ba su lambar shaidar taransifa, a nemi su sa a ɗaure asusun da kuɗin ya shiga, a bi da takarda a rubuce, a kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Maiduguri. Kunyar a ce an cuce ka ita ce ke ba ɓarawo kwanakin da yake bukata.

Yaron yana nan a rumfar har yanzu, Kawu bai kore shi ba. Ya ce wanda ya sha wannan darasi ya fi sabon da bai sha ba. Takardar kuma an manna ɗaya a jikin ƙyauren rumfa, rana ta fara cin tawadarta. Makon jiya da na biya na tarar wani maƙwabcinsa mai sayar da gero yana kwafe ta a littafinsa, ya ce shi ma zai sake banki bayan Salla. Na ce masa ya kwafa duka, amma kada ya manta da jimlar ƙarshe.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da amanar da ke tsakaninmu, amin.